Tsanin Fushi na Tantabara

Litinin, da safe

Kaka lafiyarta ƙalau, in ban da gwiwa. Auta yana tari har yanzu, amma ya ci burodi ya sha shayi. Baban yara yana kan hanya da motar kamfani, ya bugo waya ya ce bayansa ya yi sauƙi. Ni lafiyata lau. 'Yata Tantabara ce ban san abin da zan rubuta a kanta ba. An cire mata bandejin hannu, ɗinkin ya kame. Tana gidan ƙanwata, wadda yara ke kira Anti, tun ranar da abin nan ya faru a makaranta. An ce ta ɗan huta a can. Ni ma na ce to.

Ina rubutu a hankali, don sai da na haifi yara biyu na shiga ajin yamma na koyi baƙi. Tantabara ce ke riƙe mini fensir a lokacin, tana cewa, "Umma, cikin b ɗinki ya juya baya." Yau shekararta goma sha huɗu, kuma gadonta a gyare yake babu kowa a kai.

Laraba, bayan azahar

Mun je makaranta, ni da Anti da yarinyar. Ba a mayar da ita aji ba tukuna. Sai ta yi zama da malamar shawara na wasu makonni, sannan a duba. Ofishin malamar ƙarami ne, akwai fanka mai ƙara da tukunyar fure. An sa sabon gilashi a tagar ajin da ke kusa, wadda ta fasa da hannunta. Na kawar da kai da muka wuce.

Malamar ta zube ƙananan katuna a tebur, ta ce Tantabara ta rubuta duk kalmar da ta sani ta fushi, kowace a kati guda. Ta rubuta da yawa. Sai malamar ta ce a fara tsincewa. Ta ɗaga wanda aka rubuta tsoro, ta ce, "Wannan ɗan gidan fushi ne?" Tantabara ta ce a'a, maƙwabci ne. Aka ajiye shi gefe, shi da kunya da baƙin ciki. Aka zo kan riƙo, malamar ta ce shi ma a gefe, don riƙo tsawon lokaci yake nunawa, mu kuwa zafi muke aunawa. Mutum yana iya riƙe ɗan haushi shekara guda, yana kuma iya harzuƙa ya huce kafin shayi ya huce.

Sauran ta ce a riƙa ɗauka biyu-biyu. "Haushi da ɓacin rai, wanne ya fi zafi a jikinki?" Wanda ya fi sai a sa shi sama. A ɗauko na uku a gwada shi da kowanne, har ya sami wurinsa. A haka tsanin ya tashi daga ƙasa: ƙosawa, haushi, ɓacin rai, fushi, ƙuluwa, hasala, fusata, harzuƙa. Anti ta ce ita a wurinta hasala ta fi fusata. Malamar ta ce maƙwabtan juna suna iya musayar wuri daga mutum zuwa mutum, ba laifi, amma babu mai ɗora haushi a kan harzuƙa. Ta ce tsanin na yarinyar ne, yadda ta jera shi haka zai zauna.

Ni ina can ina haɗa baƙaƙen katin farko, su sun kai na biyar. Anti tana karantawa daga nesa, katin ma a juye yake gare ta. Suka yi dariya a kan wata kalma, ban san wace ba.

A ƙarshe malamar ta ce ana bukatar babban mutum ɗaya da yarinyar za ta riƙa gaya wa matakin da take, tun tana ƙasa. Ta ce, "Wa kika zaɓa?"

Tantabara ta kalli fanka. Ta ce, "Anti."

Malamar ta dube ni ta ce, "Mama, babu damuwa?" Na ce ba komai.

Alhamis, da safe

Ba komai.

Juma'a, lokacin hutun aiki

A gidan wanki da guga inda nake aiki, teburina yana kusa da na Rediyo. Sunan ya bi ta ne don ba a kashe ta. Ta ce, "Ke, yau fuskarki kamar rigar da aka manta a injin. Me aka yi?" Na ce ba komai. Ta ce, "Ba komai ɗin nan naki, da ana sayar da shi da kin gina bene."

Na gaya mata labarin katunan sama-sama. Ta ce a zamaninsu tsani biyu ne kawai, ko ka yi shiru ko a ji ku a titi. Muka yi dariya. Sai ta ce, "Amma ƙanwar nan taki ta kyauta. Nas ce, ga aiki ya yi mata yawa, ta kuma ɗauki 'yar wani." Na ce ai ba 'yar wani ba ce. Na koma kan gugata.

Asabar, da yamma

Tantabara ta zo yini. Na dafa shinkafa yadda take so, na wanke labulen ɗakin. Ta zo da katunan a ɗaure da roba, an ƙara rubutu a bayan kowanne. Ta nuna wa Kaka, ni ina sauraro daga bakin murhu. A bayan ƙosawa: ƙafa tana kaɗawa. A bayan haushi: tsaki yana son fita. Ɓacin rai: maƙogwaro ya riƙe. Fushi: kunne ya yi zafi. Ƙuluwa: haƙora sun cije. Daga hasala zuwa sama, hannu yana rawa, murya ba tata ba. A harzuƙa ta ce ba ta jin abin da ake faɗa ko kaɗan. Kaka ta ce, "To ni gwiwata tana kan fusata tun asuba."

Sai ta shiga ɗaki ta tarar Auta ya yi zane a littafinta na taswira. Ta fito ta tsaya a bayana ta ce, "Umma, ina jin haushi."

Na ce, "Haushi kawai? To alhamdu lillahi. Yi haƙuri, yaro ne."

Ta koma. Can ta dawo ta ce, "Umma, raina ya ɓaci. Littafin makaranta ne, za a tambaye ni." Ina tace shinkafa, tururi yana dukan fuskata. Na ce ki bari mu ci abinci, ba komai ba ne. Ni a raina murna nake yi, ga ta tana magana a hankali kamar mutum.

Ban san lokacin da ta wuce sauran matakan ba. Na dai ji ƙofa, na ji Auta yana kuka, na ga murfin tukunya yana juyi a ƙasa. Ba ta taɓa kowa ba. Ta fita ta zauna a matakalar bene ta kira Anti a waya, Anti ta zo da tasi.

A bakin ƙofa ƙanwata ta ce, a hankali, "Yaya, ai ta gaya miki tun tana ƙasa. Sau biyu."

Na ce, "Na gode, likita."

Shinkafar tana nan a tukunya.

Lahadi, da hantsi

Ni na haife ta. Ni na san kukanta na yunwa da na barci tun ba ta da haƙori. Yanzu sai da kati.

Talata, da yamma

Auta ya daina tari. Kaka ta tambaye ni ko yarinyar ta bugo. Ta bugo wa babanta, shi ya gaya mini. Ta ce masa jiya ta kai ƙuluwa a kan wani lissafi, ta gaya wa Anti, ta fita baranda ta sha ruwa, ta sauko. Ya ce, "Kin ga abin yana aiki." Na ce ma sha Allah. Ya ce muryata wani iri. Na ce ba komai, layin ne.

Ƙanwata ni na goya ta. Ni na bar makaranta tun ban fara ba don a sami mai riƙe ta, ita ta je. Ban taɓa jin komai a kan wannan ba. Ina rubutawa ne kawai don ya zo mini.

Laraba, lokacin hutun aiki

Na ƙona rigar siliki ta wata mata. Na gama da zannuwan auduga, dutsen guga yana kan zafinsa na ƙarshe, na manta ban mayar da shi ƙasa ba. Mai gidan wankin bai yi faɗa sosai ba, ya ce tunda nake ban taɓa ba. Rediyo ta ɗaga rigar ta leƙo ni ta cikin hujin ta ce, "Sannu, ba komai."

Asabar, bayan la'asar

Na je gidan Anti da man gashi da matajina, don kitson yarinyar ya tsufa tun wancan makon, na gani. Ƙofa a buɗe take. Suna zaune a ƙasa a falo, kan Tantabara a cinyar ƙanwata, an kai rabin sabon kitso. Layin ma bai miƙe ba. Katunan suna manne a jikin firij da ƙananan maganaɗisu, an sa jan maɓalli a kan na ƙasa. Suna dariya. Tantabara ta ce, "Anti, ja a hankali," da irin muryar da take yi mini.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, shigo mana, ga wuri."

Ba zan rubuta abin da na ce ba. Magana ce da ba a faɗa wa mace da ta je asibiti neman haihuwa sau da yawa ta dawo hannu wofi. Na faɗa da ƙarfi, maƙwabciyarta ta leƙo. Hannun ƙanwata ya tsaya a cikin gashin. Tantabara ta tashi zaune da rabin kai a tsefe, ta dube ni, ba ta ce tana kan wane mataki ba.

Na bar man a kan kujera. Matajin yana jakata.

Lahadi

Kowa lafiya.

Litinin, da yamma

Babu wanda ya bugo. Na ɗauki waya na ajiye. Kaka ta ce, "Harshe da haƙori ma suna saɓawa." Na ce wannan ba cizo ba ne, Kaka. Ta ci gaba da shafa man gwiwa.

Laraba, bayan azahar

Malamar shawara ta aiko in zo ni kaɗai. Na ɗauka za a yi mini faɗa. Ta ba ni ruwa, ta ce ranar Alhamis ta mako mai zuwa za a zauna a yanke maganar komawa aji, kuma a ranar yarinyar za ta faɗi inda take son ta zauna zuwa ƙarshen zango. Ta ce ba ta faɗa ba tukuna.

Na ce, "Malama, ni ban gane ba. Yarinya ta ce tana jin haushi, ba abin godiya ba ne? Ai ƙarami ne."

Ta ce ƙanƙantarsa ce amfaninsa. A matakan ƙasa mutum yana ji, yana iya magana, a nan ake gyara. Wanda aka gaya wa aikinsa ya tsaya ya ce na ji, me ya faru. A tsakiya, daga fushi zuwa ƙuluwa, magana ta fara wuya, sai a bar wurin, a sha ruwa, a ja numfashi. A sama babu magana sam, babba ya yi shiru, ya kawar da abin da zai ji wa wani ciwo, ya jira. Ta ce yaron da ba a saurare shi a ƙasa ba yakan koyi cewa sai a sama ake jinsa, sai ya daina tsayawa a hanya.

Na tuna rigar siliki. Na ce mata a wurin aikinmu ma haka ne, dutsen guga yana da zafi hawa-hawa, wanda ya san kashewa da ƙurewa kaɗai ba ya daɗewa a aikin. Ta ce to haka.

Sai ta tura mini katunan ta ce, "Ke fa, Mama? Ranar Asabar kina ina?" Ashe ta sani. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggauta ni ba. Na taɓa fusata. Ta ce, "Kafin nan fa? Da kika tsaya a bakin ƙofa, kafin ki buɗe baki?" Na duba ƙasa. Ba ƙosawa ba ce, ba haushi ba. Ƙanwata ba ta yi mini laifin komai ba da zan ji haushinta. Na ce abin da na ji babu shi a nan. Ba zafi ba ne a kunne, wani abu ne a ƙarƙashin haƙarƙari, kamar an ja zare.

Ta ba ni fararen katuna da biro. Ta ce wataƙila tsanina daban ne, fushin a kansa ya hau. Ta ce in je gida da su.

Alhamis, da yamma

Na san sunansa. Tun a tasi, ina dawowa daga ofishin malama, na sani. Rubutawar ce ta ɗauke ni yini.

Na yi yadda aka yi a ofis. Na rubuta duk abin da ya zo, na fitar da kunya da kaɗaici gefe, maƙwabta ne. Na ɗauki sauran biyu-biyu. A ƙasa na sa "ina ma ni ce", ban san kalma ɗaya da ta fi shi ba. Wannan ba ya ciwo, numfashi ne kawai mai tsawo. Sama da shi sosuwar rai, inda nake kawar da ido. Sai ƙyashi: a yabi mutum in kasa cewa haka ne. Sai kishi, zaren nan na haƙarƙari, ina ganin abin da yake nawa yana tafiya hannun wani. Sai kishi mai cin rai, wanda abinci ba ya shiga, ina ƙirga wa aka bugo wa waya. A can sama na sa hassada, inda mutum ba ya neman nasa ya dawo, so yake na wancan ya lalace.

Na daɗe da katin nan na sama a hannu. Na so in ce ban taɓa zuwa can ba. Amma maganar da na faɗa ranar Asabar ba ta dawo mini da 'yata ba, kuma na san ba za ta dawo da ita ba tun kafin in faɗa. Don ta yi ciwo na faɗe ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da na bi matakan baya. "Ina ma ni ce" ranar da ƙanwata ke karanta kati a juye. Sosuwar rai da suka yi dariya. Ƙyashi a teburin Rediyo. Kishi a bakin ƙofata, da ta zo da tasi. A kowane mataki akwai wanda ya tambaye ni, malama, Rediyo, baban yara. A kowanne na ce ba komai. Ashe ba daga gefen babanta yarinyar ta ɗauko ba.

Asabar, da safe

Baban yara ya dawo. Yana cin abinci yana ba ni labarin yadda Anti ta iya da yarinyar. Na ji abin ya motsa, na ce bari in gwada tun yana ƙasa. Na ce, "Ina jin ƙyashi."

Ya ajiye cokali ya ce, "Na wa? Ni da ko motar ba tawa ba ce?"

Na ce na ƙanwata. Ya buɗe baki zai ce haba, na ga haba ɗin a leɓensa. Na ce, "Ba haƙuri za ka ba ni ba. Cewa za ka yi ka ji." Ya dube ni kamar an canza masa mata a hanya. Ya ce, "To, na ji. Me ya faru?" Na gaya masa, har da ta ranar Asabar. Ya saurara har ƙarshe. Abin mamaki, da na gama, zaren ya ɗan saki.

Lahadi, da yamma

Na je gidan ƙanwata lokacin da na san yarinyar tana wurin ƙawarta. Na tsaya a ƙofa na ce abin da na zo faɗa. Ta ce, "Na ji, Yaya." Ba ta ce ya wuce ba, ban kuma roƙe ta ta ce ba. Idonta ya kumbura. Ta ce in shigo, na ce wata rana. Da zan tafi ta ce, "Kitson bai yi kyau ba, ta ce naki ya fi zama." Ban san ko don ta faranta mini ta faɗa ba. Na yi kuka a matakala.

Litinin, da safe

Kaka lafiya. Auta lafiya. Baban yara zai bi ta gidan Anti kafin ya kama hanya, zan ba shi ambulan. A ciki na sa katunana shida a jere, da wannan takarda, na kwafe ta nan ko da za ta ɓata:

Tantabara, Ummanki ce. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san malamata ta tafi ta bar ni. Waɗannan katunan nawa ne, ni na jera su. Na ɗaura zare a kan wanda nake yau. Kishi ne, na huɗu. Ranar Asabar ɗin nan ina kan na sama, kin gani da idonki. Na sauko biyu, ban kai ƙasa ba, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ban ce ki cire sunan Anti ba. Ta iya, kuma tana sonki. Ban ce ki ce gida za ki dawo ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki duba tsaninki, ki ciro katin da kike kai game da ni, ki aiko mini. In harzuƙa ne, zan yi shiru in jira, na koyi wannan. In fushi ne ko ƙuluwa, zan ba ki wuri. In haushi ne, ko da ƙosawa ce, zan sauke tukunya in zauna, in ce na ji, me ya faru.

Kowanne ne ina so, kada dai ambulan ya dawo wofi. Ki ba babanki ko ki ba Anti ta kawo wurin aiki. Ki aiko kafin ranar Alhamis, don in san da wace fuska zan shiga ofishin malama. Matajin yana jakata.